Gashin Wani a Kan Yaya

Tun da nake ban ga abin da ya ci mana rai ya ci mana aljihu kamar hular gashin yayata ba. Yau idan na bi ta kasuwar Utako na ga shaguna a jere, kawunan roba sanye da gashi kala-kala, 'yan mata na ɗagawa suna ajiyewa suna dariya, sai in ji gajiya ta sauko mini tun daga wuya. A zamanin da nake magana Utako gonaki ce da 'yan bukkoki. Idan aka ce Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja ake nufi, kuma a can muke zaune ni da Yaya, ɗaki ɗaya a gidan haya. Ni ina ɗinki da keken hannu, ita tana aikin gwaji a ɗakin haihuwa na asibiti. An gama yaƙin basasa ba da daɗewa ba, ana kashe fam da sule.

Ƙauyenmu yana bayan Dei-Dei, lokacin da ba komai a wurin sai hanyar mota da rugar Fulani. Mu ne waɗanda ake kira Gwari. Innarmu maginiyar tukwane ce, kuma a wurin gasa tukwanenta abin ya sami Yaya tun tana yarinya. An tula itace da ciyawa a kan tukwane an sa wuta, iska ta juyo, dami guda mai ci ya zamo ya sauka a kanta. Ta rayu, amma daga saman kunnen hagu har tsakiyar kai gashi bai sake fitowa ba. Fatar wurin ta yi sumul tana sheƙi, da wani tudu na tabo da ya ratsa ta. Inna ce ta yi jinyarta wata da watanni. Bayan ta warke ba a sake maganar a gidanmu ba, kuma tun da Yaya ta yi wayo ba ta ƙara cire ɗankwali a gaban Inna ba. Duk ranar da Inna ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta za ta yi mini kitso, sai Yaya ta ɗauki tulu ta tafi rafi, ko da randa a cike take.

Ɗankwali ya rufa mata asiri har makarantar mishan, har aka ɗauke ta a asibiti. A nan ne magana ta ɓaci. Kayan aikin ɗakin haihuwa ba ɗankwali a cikinsu, sai wata 'yar farar hula kamar kunnen takarda, da ake maƙalawa a gashi da fil. Ita kuwa ina gashin da za a maƙala? Ta gwada ta jawo na dama ta rufe hagu, bai kai ba. Cikin satin farko wata mai naƙuda ta ɗaga ido ta ga tabon, ta janye jiki ta ce kada mai kuturta ta taɓa ta. Kafin ka ce me magana ta zaga gari. Sistar da ke kula da su mutuniyar kirki ce, amma ita ma akwai na sama da ita. Ta kira Yaya gefe ta ce mata babbar nas za ta zo daga Minna bayan damina ta duba masu gwaji, wadda ta ga ta cika za a tabbatar mata da aiki, wadda ba ta cika ba a mayar da ita wurin wanki. Ta ce, "Hannunki yana da kyau, ba ni da abin cewa. Ki nemi yadda za ki yi da kanki."

Aikin nan shi ne komai a wurin Yaya. Ba ta yi aure ba, ba ta sa rai ba ma. Ta ce mini a duniya wuri ɗaya ne ake kallon hannunta ba kanta ba, shi ne ɗakin nan, yanzu kuma nan ɗin ma sun ɗaga ido.

Akwai wata Bayarabiya da ke zuwa ranar kasuwa daga Kaduna da akwatin ƙarfe, tana sayar da hoda da turare da sarƙa, a ƙasan akwatin kuma hular gashi. Iya muke ce mata. Muka je bayan kasuwa ta fara watsewa, ta shigar da mu rumfa ta saki labule. Ta fito da guda biyu ta ɗora a gwiwoyinta. Da ido ba za ka ce ga bambanci ba, sai dai ɗaya ta fi walƙiya.

"Wannan roba ne," in ji ta da irin Hausarta, ta ɗaga mai walƙiyar. "Yadda kin gan shi yau, haka za ki gan shi gobe. Ruwa ya duka shi, ba komai. Ki wanke da ruwan sanyi, ki girgiza, ki shanya a inuwa, shi da kansa zai koma yadda yake. Ba mai, ba tsefe mai zafi, ba komai. Amma wuta da shi ba sa ga maciji. Tururi ma ba ya so. Kullum-kullum kina sawa, wata biyar, wata shida, ya mutu."

Ta ajiye ta ɗauki ɗayar, ta shafa ta kamar mai lallashin mage. "Wannan gashin mutum. Zafi ba ya tsoro. Kin riƙe shi da kyau, shekara ɗaya ya wuce, har biyu yana kai. Amma jariri ne. Kin wanke, sai kin sake nannaɗe shi, ki jira ya bushe, ki taje, ki shafa mai kaɗan a baki-baki, don ba kai a ƙarƙashinsa da zai ba shi mai. Rana tana mayar da shi ja. Ruwan sama ya kama ki, ya kwanta."

Da ta faɗi kuɗi sai da na dafa akwatin. Kuɗin na mutum guda zai sayi na roba wajen biyar. Na ce, "Haba Iya, gashin ne ko har da mai gashin?" Ba ta yi dariya ba. Ta dubi Yaya ta tambaye ta ko aikinta yana kusa da wuta. Yaya ta ce a'a, asibiti ne. Gaskiya ta faɗa iyakar saninta, don ba wanda ya tuna da risho da tukunyar da ake dafa almakashi a cikinta.

Ni tela ce, na san abu mai araha. Na sha ganin yadin da ake saye don sauƙi ya koma tsumma kafin salla ta zagayo. A hanya na ce wa Yaya mu haɗa abin da muke da shi, mu shiga adashi, mu sayi na mutum sau ɗaya mu huta. Ta ce sai ta gaya wa Inna. Na ce ina ruwan Inna da kanki? Ta yi mini wani kallo.

A wurinmu mace ba ta ɗaukar kaya a ka. Itace, doya, tukwane, komai nauyinsa a kafaɗa ake ɗora shi, a bayan wuya, cikin ƙwarya. Kai shi ke ɗauke da tunanin mutum duka, ba a ƙara masa wani kaya. Mutanen gari suna mana dariya a kan haka, mu ma muna musu dariya da gammonsu. To wannan ne Inna ta kafe a kai ranar da muka je. Tana zaune tana murɗa yumɓu, ba ta ko ɗago ba. Da yarenmu ta yi maganar, ni ce nake juya ta zuwa Hausa.

"Gashin wa?"

Yaya ta ce ba a sani ba, daga wata ƙasa ake kawowa.

"Mai shi tana raye ko ta mutu? Da son ranta aka yanke? Kan da ban yarda ya ɗauki ko ƙwarya ba, shi za ki ɗora wa kayan wata da ba ki san me ta tafi da shi a zuciya ba? Ba a gidana ba."

Na ce, "Inna, a gidanki za ta sa? A asibiti za ta sa!" Ta ce ni dama tun ina ciki nake shure-shure. Na ce to na robar fa, shi ba kaya ba ne? Ta ce wannan hula ce, ba ta da mai ita. Ka ji fa. Daga nan na san an gama. Duk abin da Inna ta faɗa game da kan nan, Yaya ba ta musu, ita kuma Inna ba ta taɓa kallon wurin kai tsaye. Haka suke su biyu, kowa na kaffa-kaffa da kowa, ni ce a tsakiya nake ta haushi.

Muka sayi ta roba. Ba zan yi ƙarya ba, watan farko mun ji daɗi. Na ɗinka mata 'yar hular auduga siririya da take sawa a ƙasa don kada ragar da ke cikin hular gashin ta goge mata tabo, na ƙara roba a ƙeya don ta kama. Farar hular aiki ta zauna daram. Da yamma ta cire ta kifa a kan ƙwarya, da safe ta girgiza ta sa. Mai kuturta ta zama sista 'yar gayu. Matan da suka guje ta su ne ke tambaya ko tana bakin aiki. Na gan ta tana tafiya asibiti kanta a miƙe, abin da ban taɓa gani ba.

Sai gaban hular ya fara ƙanƙancewa. Kullum sai ta buɗe tukunyar da ake dafa kayan aiki a kan risho, ta sunkuya ta tsamo su da abin kamawa, tururi ya bugi goshinta. Gashin wurin ya murɗe ya yi kaushi kamar soson wanka. Na sa mataji, ya ƙi. Na shafa man kaɗanya, ya zauna a sama bai shiga ba, ƙurar hanya ta manne, ya koma kamar an tsoma a kunu. Muka wanke, man ya fita, murɗewar tana nan. Abin da zafi ya taɓa a gashin roba ba ya dawowa. Ƙeya kuma wuyan riga yana gogarta, ta dunƙule. Na riƙa bi da almakashi ina rage bakin da ya lalace, har hular ta fara komawa baya kamar goshin tsoho. Wata shidan da Iya ta faɗa ko rabinsa ba mu gani ba.

Muka koma wurinta. Ta juya hular ta ce, "Na tambaye ki wuta." Yaya ta ce ba wuta ba ce, ruwa ne. Ta ce, "Ruwan da yana tafasa ɗan'uwan wuta ne." Ta sake fito da ta mutum ta ɗora a gwiwa. Na zunguri Yaya. Yaya ta ɗauki ta roba.

Ta biyun ta ɗan fi daɗewa, don Yaya ta koyi kauda kai idan za ta buɗe tukunya, ta miƙa hannu daga nesa kamar mai tsoron maciji, har sau biyu tana ƙona yatsa. Amma tururi ba ya tambayar inda ka kauda kai. Ga zafi. Roba ba ta shan iska, gumi ya taru a ƙasa, tabon ya riƙa yin ƙuraje yana ƙaiƙayi. Ta dawo ta cire ta zauna tana fifita kai da murfin kwano. Ni ina bakin keke ina lissafin abin da ba na so in lissafa: an kusa zubar da rabin kuɗin ta mutum, kuma ba mu da komai a hannu sai soso biyu. Na gaji da faɗa, na gaji da yin shiru. Idan na buɗe baki ta ce, "Ke dai bari." Kalmar nan ta "bari" na ji ta har ta fita mini ta hanci.

Da damina ta ja baya aka ce babbar nas tana tafe farkon mako. Muka sayi ta uku, sabuwa fil, muka ce ba za a sa ta ba sai ranar. Na fasa sayen zaren da nake bukata don a cika kuɗin. Sai ga saƙo daga ƙauye cewa an yi wa matar ƙanen babanmu rasuwa, dole mu je gaisuwa. Ɗakinmu na gari yana da ɓeraye da ba su bar ko sabulu ba, Yaya ta ce ba za ta bar hular ba. Ta naɗe ta a tsohon zane ta sa a jaka muka tafi.

Da safe muka wuce gidan rasuwa, Inna ta ce za ta biyo mu idan ta rufe yumɓunta. Ashe tun jiya ta lura Yaya na sosa kai ta saman ɗankwali. A ƙauyenmu idan mutum na sosa kai abu ɗaya ne, kwarkwata. Kuma duk abin sawa da ya fito daga kasuwa, rigar gwanjo ce ko bargo, ba ya taɓa jikin mutum sai an tafasa shi da ruwan toka. Kowa haka yake yi, kuma yana magani. Inna ta buɗe jaka ta ga hular, ta ce ga inda ƙwarin suke. Ta ɗora ruwa ya tafasa, ta tsoma ta, ta juya da muciya don ruwan ya shiga ko'ina. Da ta tsamo ta matse, sai ta kifa ta a gindin tukunyar da ta sauke daga murhu, don ta bushe da wuri kafin mu dawo.

Da muka shigo da azahar warin ne ya fara tarbar mu, warin leda a wuta. Hular tana manne a gindin tukunya, ta tsuke ta dunƙule, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Inna na tsaye a gefe da muciya, tana kallonta tana kallonmu. Ta ce, "Na wanke mata ne."

Wayyo, ranar na yi faɗa. Na ce wa ya aike ki? Na ce ke kika hana a sayi wanda zai jure, kin sa mun yi ta zuba kuɗi a rami, yanzu kuma ɗan abin da ya rage kin dafa shi kamar ganda! Na ce jibi ne fa, jibi! Maƙwabta suka leƙo ta kan danga. Inna ta jingine muciyar a bango. Yaya ce ta je ta ɓamɓare hular daga tukunya, ta juya ta a hannu, ta ce a hankali, "Ba komai, Inna." Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Inna ta dube ta, ta dubi murhu, ta shige ɗaki.

Iya ba ta zuwa sai ranar kasuwa, kuma ko ta zo da me za mu saya? Tsohuwar hular muka ciro, ta biyun, na kwana biyu ina yanka ina gyara, amma abin da ya mutu ya mutu. Gaban ya cinye har tabon yana leƙowa. Yaya ta sa ta dubi madubi, ta cire, ta ɗaura farin ɗankwali ta tafi. Babbar nas ba ta yi mata tsawa ba. Ta duba hannunta, ta duba yadda take naɗe jariri, ta ce da kyau, sannan ta ce kayan aiki kayan aiki ne, ba za ta tabbatar da wadda ba ta cika shiga ba. Ta ce za ta dawo kafin wata damina, a lokacin a sake gani. Kafin nan Yaya ta koma bayan asibiti wurin wanki.

Rani guda ta yi tana wanke zannuwan jini a bakin famfo, tana jin kukan jarirai ta taga. Hannun nan da aka yaba ya tsattsage da sabulu. Ta dawo ta kwanta ba ta cin abinci sosai. Ni kuma na yi fushi na daina zuwa gida. Idan 'yan ƙauyenmu suka zo kasuwa sai su ce mini, "Innarku fa ba ta zama. Gasa wannan, gasa wancan, kamar mai aurar da 'ya." Suka ce kullum tana kan hanyar Zuba da tukwane a kafaɗa, tsohuwa da ciwon gwiwa. Suka ce ta sayar da akuyarta mai ciki. Na ce ita ta sani.

Wata ranar kasuwa ina ɗinki sai ga yarinyar Iya ta ce ana kirana, wai wata tsohuwa ta zo ba sa jin juna sosai. Na je na tarar da Inna zaune a rumfa, ƙafafunta fari fat da ƙura, ƙwaryarta a gefe da wani abu a ciki an rufe da zane. Ba ta gaishe ni da fushi ba, ba ta gaishe ni da daɗi ba. Ta ce, "Tambaye ta. Mai gashin tana da rai?"

Na tambaya. Iya ta ce ita dai abin da masu kawo mata suke faɗa, matan wata ƙasa ne masu dogon gashi suke yankewa, wani ya sake fito musu. Ta ce ba ta gani da idonta ba, ba za ta rantse ba.

Na fassara wa Inna. Ta ce, "Nata yana sake fitowa?" Na ce haka aka ce. Ta ce, "To ta fi 'yata." Ta kwance bakin zanenta ta zube kuɗin da ke ciki a kan akwatin. Bai kai ba. Na koma ɗaki na ɗauko abin da nake tarawa na keken ƙafa na cika, ina yi ina mita, don kada wani ya ɗauka na huce.

Inna ba ta bari a naɗe hular ba sai da ta sa Iya ta faɗi yadda ake kula da ita dalla-dalla, ni ina fassarawa. Ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, don ragar da aka ɗaura gashin a kai ba ta son tafasa ko da gashin yana jurewa. Sabulu mai laushi. Ba a cuɗawa, ba a murɗewa. A taje daga baki a hau sama, kada a ja daga gindi, don wanda ya fita ya fita ke nan. Mai kaɗan a baki-baki, kada ya taɓa ƙullin. A nannaɗe a bar shi ya bushe a inuwa, a kan abin da ya yi siffar kai, don kada ragar ta saki ko ta tsuke. Inna tana gyaɗa kai kamar ana gaya mata abin da ta riga ta sani. Da aka zo kan na ƙarshen ta ce, "Wannan na zo da shi."

Hular nan ta yi wa Yaya kusan shekara biyu. Babbar nas ta dawo ta tabbatar da ita, tururi ya yi ta bugun goshin Yaya ba abin da ya faru, sai dai ta sake taje wurin. Amma kada wani ya ce mun huta. Duk sati sai an yi wanki da nannaɗa, ranar hutunta ɗaya ke nan ta tafi. Damina ta zo a yi ta gudu da lema. A hankali ta yi ja, ta yi sharara a tsakiya, muka sake shiga tara na wata. Haka Yaya ta yi ta yi har ta bar aiki. Tsakanin na roba da na mutum ba wanda ya fi wani sauƙi, kowanne da inda yake cin mutum.

Ranar dai da muka dawo daga rumfar Iya ita ce ba ta fita a raina. Yaya ta dawo daga wanki ta tarar da mu a ɗaki. Ta ga Inna, ta ga abin da ke hannuna, ta tsaya a bakin ƙofa. Inna ta jawo ƙwaryarta ta yaye zanen. Kai ne na yumɓu, gasasshe, ba fuska, da ɗan wuya da zai zauna a ƙasa. Ta ce ƙwarya ba kai ba ce, a nan za a riƙa ɗorawa.

Na ɗora hular a kai, ta zauna cif, ko yatsa ba zai shiga ba. Na ce, "Inna, yaushe kika auna?" Ta ce me za ta auna. Yaya ta durƙusa ta cire hular ta shafa yumɓun. Hannunta ya bi ta saman kunnen hagu ya tsaya. Na matso na duba. Tudun tabon ne, yadda ya ratsa ya karkata zuwa tsakiyar kai, daidai inda yake a kanta. Shekara ashirin da wani abu Inna ba ta ga wurin ba.

"Ban yi niyya ba," in ji Inna. "Ina gini na ga hannuna ya yi shi. Na so in goge, na bari."

Can Yaya ta juya ta zauna a ƙasa, ta ja baya har ta shiga tsakanin ƙafafun Inna, inda nake zama ranar kitso. Ta kai hannu ta kwance ɗankwalin da kanta ta ajiye a cinya. Ƙurajen da robar ta bari sun warke, sai fatar ta bushe ta yi fari. Inna ta daɗe tana kallo.

Ta ce da ni, ba ta ko waiwayo ba, "Ke sarkin faɗa, miƙo mini man kaɗanyar nan."

Na miƙa mata, na ɗauki bokiti na tafi famfo, ko da yake akwai ruwa a ɗakin.